Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Wayata: Yadda Ake Kunna Developer Options Da USB Debugging Har Aiki Ya Tafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Redmi Note 12 nake riƙewa, ina so in riƙa ɗaukar bidiyon fuskar wayar daga kwamfutata mai Windows, kuma akwai wata manhaja da nake so in saka mata ta kebul. Na sauke scrcpy amma ina buɗewa sai ya rubuta "Could not find any ADB device", wayar caji kawai take yi. An ce sai na kunna Developer options, na duba ko'ina a Settings ban ganta ba, kuma gaskiya ina tsoron kar in taɓa abin da zai lalata min waya.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba abin da ya samu wayarka, kuma kunna abin nan shi kaɗai baya goge komai baya lalata komai. Rashin ganinta da kayi ma ba laifinka bane, da gangan aka ɓoye ta, tun Android 4.2 a 2012 Google suka cire ta daga inda ido zai gani saboda mutane na shiga suna taɓe-taɓen abin da basu sani ba.

A Redmi ɗinka ka shiga Settings, ka shiga About phone, zaka ga wani waje an rubuta MIUI version, in kuma wayar ta riga ta koma HyperOS to OS version zaka gani. Shi zaka riƙa dannawa da sauri-sauri har sau 7, tun kana na uku ko na huɗu zata fara ƙirga maka saura nawa, in ka cika sai ta rubuta maka ka zama developer. Daga nan ka koma baya ka shiga Additional settings, can ƙasa zaka ga Developer options ta fito. Ga masu wasu wayoyin da zasu karanta wannan, abin da ake dannawa sunansa Build number, a Samsung yana cikin About phone sannan Software information, a Pixel da yawancin sauran yana cikin About phone kai tsaye, kuma da yawansu sai sun tambayi lambar buɗe wayar kafin su yarda. In an rasa inda yake a rubuta "build" a wajen bincike na saman Settings, zai kai mutum har wajen.

Cikin Developer options ka gangara sashen Debugging ka kunna USB debugging. Xiaomi zata fito maka da jan gargaɗi mai ƙirga daƙiƙa 10 kafin ta bari ka danna OK, ka jira kawai ka amince. To kai da yake Redmi ce akwai wasu maɓallai guda biyu a ƙarƙashinsa da yawancin sauran wayoyi basu da su, kuma sune ke wahalar da mutane. Na farko Install via USB, in bai kunnu ba kwamfuta ba zata iya saka manhaja ba ko da komai na tafiya daidai. Na biyu USB debugging (Security settings), shi ke ba kwamfuta damar danna abubuwa a wayar da linzami da kibod, in babu shi scrcpy zai nuna maka fuskar wayar tsaf amma ka danna ka danna ba abin da zai motsa. Su biyun yawanci sai ka shiga akawun ɗinka na Xiaomi, da sim a cikin wayar da intanet a kunne kafin su yarda su kunnu, in na biyun ya kunnu kuma ka kashe wayar ka sake kunna ta domin wani lokacin baya fara aiki sai anyi hakan. In ɗaukar bidiyo kawai zakayi kana danna wayar da yatsanka to na biyun ma baka buƙatarsa, ni shawarata ka bar shi a kashe in ba dole ba.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, domin wannan kunna maɓallin shine mafi sauƙi a cikin aikin, kuma mutane da yawa suna gama shi su jona waya su sake ganin saƙon nan da ka gani sai su ɗauka basu kunna daidai ba, suyi ta kashewa suna kunnawa. Alhali matsalar na wani wajen daban. Abin da USB debugging ke yi shine ya tayar da wani ƙaramin shiri a cikin wayar mai suna adbd, shi kuma yana zaune ne yana jiran wani shiri na ɓangaren kwamfuta mai suna adb yayi masa magana. Shi scrcpy da kansa baya magana da waya, adb yake aika. Kafin maganar nan ta haɗu sai kebul ya iya ɗaukar bayani, sai Windows ta gane irin na'urar da aka jona mata, sannan sai wayar da kanta ta amince da wannan kwamfutar. Ko ɗaya ya faɗi a cikinsu aiki ba zai tafi ba, kuma akwai umarni guda ɗaya tak da zai gaya maka wanne ne ya faɗi, shi yasa bana son mutum ya buɗe scrcpy kafin ya gwada shi.

Ka buɗe foldar da ka warware scrcpy a ciki, dama fayil ɗin Windows yana zuwa da adb.exe a tare ba sai ka sauke wani abu daban ba. Ka tabbatar ka warware zif ɗin gaba ɗaya fa, ba wai ka buɗe shi daga cikin zif ba. A saman foldar inda ake ganin adireshinta ka danna, ka goge abin da ke wajen ka rubuta cmd ka danna Enter, baƙar taga zata buɗe a daidai wannan foldar. Buɗe wayarka daga kulle, ka jona ta, sannan ka rubuta:

```
adb devices
```

In a PowerShell kake maimakon cmd sai ka sa ɗigo da sanda a gaba, wato .\adb devices, haka ma duk sauran umarnin adb da scrcpy da zasu biyo baya, in ba haka ba zai ce bai san umarnin ba. Karon farko zai rubuta cewa yana tayar da daemon a tcp:5037, wannan ba kuskure bane, haka yake yi. Abin dubawa shine abin da ya biyo bayan layin List of devices attached.

In ba komai a ƙarƙashin layin, wayam, to kwamfuta bata ma san akwai mai jiranta ba, kuma daga yadda ka ce caji kawai take yi zargina na farko kan kebul ɗinka yake. Kebul na USB na gaske wayoyi huɗu ne aƙalla a cikinsa, biyu na wuta biyu na bayani, amma akwai masu yawa da ake yi da na wutar kawai, musamman irin gajerun nan da ke zuwa da fawa banki ko abin sauraro na kunne ko fitila. A ido ba zaka bambance su ba, caji kuma zasuyi maka lafiya lau. Yadda zaka gane: ka jona, ka ja labulen sanarwa daga sama, in kebul ɗin na ɗaukar bayani zaka ga sanarwar USB da ke baka zaɓin File transfer, kuma da yake ka kunna debugging zaka ga wata ta ce USB debugging connected. Kwamfutar ma zata yi ɗan ƙaran nan da take yi in an jona mata abu. In ba ko ɗaya daga ciki, sai alamar caji kawai, to kar ka wahalar da kanka da direba ko Settings, canza kebul, wanda yazo da wayar a kwali shi yafi. Ka gwada wata ƙofar USB ɗin kuma, ka jona kai tsaye a jikin kwamfutar ba ta mahaɗin nan mai ƙofofi da yawa ba. Ka kuma leƙa ramin cajin wayar da haske, ƙura da zaren aljihu kan taru a ciki su hana kan kebul shiga har ƙarshe, wuta ta samu hanya bayani bai samu ba.

In kuma waya ta nuna USB debugging connected, wataƙila ma kana iya ganin fayilolinka a kwamfuta, amma jerin na nan wayam, to magana ta koma kan direba, wato ɗan shirin da ke sa Windows ta gane na'urar da aka jona mata. Wannan na ruɗa mutane sosai, sai kaji ance ai kwamfuta na ganin wayar tunda ina kwafar hotuna. Kwafar hotuna ta wata hanya take bi mai suna MTP, adb kuma hanyarsa daban, waya ɗaya ce take gabatar da kanta da fuska biyu a kebul ɗaya, Windows zata iya gane ɗaya ta kasa gane ɗayar. Danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ka nemi wani abu mai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, yawanci a ƙarƙashin Other devices da sunan wayar ko ADB Interface. In baka tabbata shi bane ka cire kebul ka ga ko ya ɓace, ka mayar ka ga ya dawo. Windows 10 da 11 sau da yawa suna samo direban da kansu in akwai intanet, ka basu minti ɗaya ko biyu tukuna. In basu samo ba ka sauke na kamfanin wayar daga shafinsu, ko Google USB Driver daga shafin masu haɗa manhajar Android, ka danna dama a kan abin mai alamar ka zaɓi Update driver ka nuna masa foldar, in ya ƙi ɗauka da kansa ka bi ta Let me pick from a list ka zaɓi Android ADB Interface. Dan Allah ka guji shafukan nan masu cewa sauke direban duk wayoyin duniya a dannawa ɗaya, nan ne ake kwasar cuta a kwamfuta. Wani abu mai sauƙi da ke gyara wannan matsalar a wasu wayoyin shine sauya yanayin USB daga caji kawai zuwa File transfer, gwada shi kafin ka fara neman direba. Masu Mac basa buƙatar direba sam, masu Linux kuma in sun ga no permissions to dokokin udev ne ba'a saka ba. Masu sabbin Samsung su duba Auto Blocker a cikin Security and privacy, in yana kunne yana toshe umarnin da ke zuwa ta kebul, har maɓallin USB debugging ɗin ma zaka ga ya dushe ya ƙi dannuwa.

Da zarar kebul da direba sun daidaita abin da zaka fi gani shine wannan:

```
List of devices attached
a1b2c3d4    unauthorized
```

Wannan labari ne mai daɗi, ma'anarsa an haɗu, saura izini. Kalli fuskar wayar, akwai saƙo da ke tambaya Allow USB debugging? da wasu dogayen lambobi da haruffa a ƙasa. Tun Android 4.2.2 a 2013 aka kawo wannan tsarin. Karon farko da adb ya tashi a kwamfutarka yana ƙera makulli na musamman ya ajiye a foldar .android da ke cikin foldar sunanka, fayil ɗin adbkey, dogayen lambobin nan da wayar ta nuna maka tambarin wannan makullin ne. In ka sa alama a Always allow from this computer ka danna Allow, wayar zata riƙe shi, duk ranar da wannan kwamfutar ta dawo zata shige ba tambaya. Kamar dai ka yanka wa mutum sifiyar makullin ɗakinka ne, shi yasa kwamfutarka ta kanka kawai zaka sa wa wannan alamar, ta aro ko ta wajen aiki ko ta mai gyara ka danna Allow kawai ba tare da alamar ba.

Saƙon baya fitowa in waya na kulle, wannan da gangan ne, don kar wanda ya tsinci wayar ya jona ta ya shige. In ka buɗe ta baka ga saƙon ba, ko ka danna Cancel bisa kuskure, ka koma Developer options ka danna Revoke USB debugging authorizations, ka cire kebul, ka rubuta waɗannan, sannan ka mayar da kebul ɗin wayar na buɗe:

```
adb kill-server
adb devices
```

Saƙon zai sake fitowa. Kuma kar kayi mamaki in bayan ka ɗan kwana biyu baka jona ba ta sake tambayarka duk da ka sa alamar, daga Android 11 izinin na faɗuwa da kansa in kwamfutar tayi kwana 7 bata haɗu da wayar ba. Akwai maɓallin kashe wannan, Disable adb authorization timeout, ni dai bana ba da shawarar a taɓa shi, danna Allow sau ɗaya a mako ba wahala bace. In kuma offline ka gani a maimakon unauthorized, yawanci kebul ne ke rawa ko adb ya rikice, umarnin kill-server ɗin nan da cirewa a mayar suna gyara shi. In ya ci gaba, ko kaga saƙon da ke cewa adb server version doesn't match this client, to akwai wata manhaja a kwamfutar mai nata tsohon adb da ke faɗa da naka a kan 5037, irin manhajojin sarrafa waya ko masu kwaikwayon Android a kwamfuta, rufe su gaba ɗaya ka sake.

Abin da muke nema shine kalmar device a gaban lambar wayar. Ka ganta, an gama da wahala.

Saka manhajar yanzu. Ka kwafo fayil ɗin APK cikin foldar nan da kake, in sunansa dogo ne ko yana da sarari a tsakani ka sauya masa gajere, misali app.apk, sannan:

```
adb install app.apk
```

Idonka na kan wayar fa lokacin da ka danna Enter, domin Redmi zata fito da ƙaramin saƙo tana tambaya ko ka yarda a saka, yana ƙirga 'yan daƙiƙu, in baka danna Install ba kafin ya ƙare da kanta zata ƙi. Sai kwamfuta ta rubuta maka INSTALL_FAILED_USER_RESTRICTED, kuma wannan saƙon dai shi zaka gani in Install via USB bai kunnu ba, don haka in ka ganshi abu biyun nan zaka duba. In komai yayi zaka ga Performing Streamed Install sannan Success.

Daɗin sakawa ta wannan hanyar shine in abu ya ƙi yana gaya maka dalili, ba kamar cikin waya ba da zata ce App not installed kawai ta barka da zato. Wanda aka fi cin karo da shi INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE, ma'anarsa akwai manhajar a wayar tuni amma sa hannun da ke kan sabon fayil ɗin ba ɗaya bane da na wadda ke ciki. Kowace manhajar Android mai ita yana sa mata hannu da makullinsa, waya kuma bata yarda wani makullin ya hau kan na farko. Mafita a fasahance itace a cire tsohuwar a saka sabuwar, wanda zai tafi da duk bayananka na cikinta, amma kafin kayi haka ka tsaya ka tambayi kanka me yasa sa hannun ya bambanta. In kai ko abokinka kuke haɗa manhajar, ba komai, gwaji da na fitarwa dama makullansu daban. In kuwa sananniyar manhaja ce ka sauko da ita daga wani shafi, to wani ya buɗe ta ya taɓa ya sake rufewa da nasa makullin, kuma baka san me ya zuba a ciki ba. Ni a nan nake tsayawa, bana sakawa.

Sauran suna da sauƙin fahimta. INSTALL_FAILED_VERSION_DOWNGRADE na nufin wadda ke wayar ta fi fayil ɗinka sabunta. INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS na nufin an gina fayil ɗin don wani irin furosesa daban, taka wayar arm64-v8a zaka nema. In fayil ɗin da ka sauke ya ƙare da .xapk ko .apks to ba APK ɗaya bane, ƙunshi ne na gutsattsari, sai ka warware shi kamar zif ka basu gaba ɗaya da adb install-multiple ka jero sunayensu, in ka ba da babban kawai zai iya cewa INSTALL_FAILED_MISSING_SPLIT. Tsofaffin manhajoji sosai kuma Android 14 ya fara ƙin waɗanda aka gina don ƙasa da Android 6, domin irinsu basa tambayar izini ɗaya bayan ɗaya, lokacin sakawa suke karɓe izinin gaba ɗaya.

Sai bidiyo. Hanya biyu ce, akwai wadda ke cikin wayar tun Android 4.4 ba sai da scrcpy ba:

```
adb shell screenrecord /sdcard/demo.mp4
adb pull /sdcard/demo.mp4
```

Na farkon ya fara ɗauka, Ctrl+C ya tsayar, ka ɗan jira daƙiƙa biyu fayil ya rufu sannan na biyun ya jawo shi kwamfuta. Tana da amfani in ɗan gajeren abu zaka nuna wa wani, amma tana tsayawa da kanta a minti 3, bata ɗaukar sauti, in ka juya wayar a tsakiya kuma hoton baya bin juyin yadda ya kamata. Don darasi ko wani abu mai tsawo scrcpy ɗin da ka riga ka sauke yafi ta nesa ba kusa ba:

```
scrcpy --record=darasi.mkv --max-size=1280 --stay-awake
```

Taga zata buɗe da fuskar wayarka a ciki, ɗauka ta fara kenan, fayil ɗin kuma kai tsaye a kwamfuta yake sauka a foldar da kake, baya cin wajen waya. In ka gama ka rufe tagar ko ka danna Ctrl+C a baƙar tagar. Na zaɓar maka mkv da gangan, shi mp4 sai a ƙarshen ɗauka ake rubuta masa bayanin da ke sa ya buɗu, in kwamfuta ta mutu ko shirin ya maƙale ka kashe shi da ƙarfi a minti na 20 to duk abin da ka ɗauka zai iya ƙin buɗuwa, mkv kuwa abin da aka riga aka rubuta yana nan. In manhajar da kake gyaran bidiyo da ita mp4 kawai take karɓa sai ka sa .mp4 ɗin, ka ƙara --audio-codec=aac domin sautin da scrcpy ke amfani da shi in ba'a ce komai ba Opus ne, wasu manhajojin basa karanta shi a cikin mp4, sai kaga bidiyo na tafiya shiru ka ɗauka ba'a ɗauki sauti ba. Shi --max-size=1280 yana rage tsawon hoton daga 2400 na fuskar wayarka zuwa 1280, rubutu na karantuwa sarai kuma nauyi ya ragu wa wayar da kwamfutar. Wajen girma, scrcpy na aiki da megabit 8 a daƙiƙa in baka sauya ba, wato megabait 1 kenan duk daƙiƙa, minti 10 zai iya kai megabait 600 in hoton na motsi sosai kamar gem, in menu kawai kake nunawa zai yi ƙasa da haka sosai. Kana so ya ƙara raguwa ka sa --video-bit-rate=4M.

Maganar sauti tana da ɗan bayani. Daga scrcpy 2.0 na 2023 aka fara ɗaukarsa, kuma sai waya na Android 11 zuwa sama, taka ta wuce nan. Abin da zaka lura shine yana farawa wayar zata yi shiru sautin ya koma fita ta kwamfuta, ba lalacewa tayi ba, kana rufe shi zai dawo. Kuma sautin cikin wayar yake ɗauka ba muryarka ba, in bayani kake yi da baki ka ƙara --audio-source=mic ya ɗauka da makirfon ɗin wayar, sai dai a lokacin ya bar na cikin. In darasi ne ka kunna Show taps a Developer options, zai riƙa nuna ɗan farin ɗigo duk inda yatsanka ya taɓa, mai kallo yasan inda ka danna. Yatsa na gaske kawai yake nunawa, danna linzami daga kwamfuta baya fitowa.

In ka shiga manhajar banki ko ta kallon fina-finai ko wajen rubuta kalmar sirri kaga hoton ya koma baƙi ƙirin a kwamfuta alhali a waya yana nan, ba kebul bane ba direba bane. Manhajar ce ta sa wa wannan shafin alamar FLAG_SECURE, Android kuma baya barin a ɗauki irinsa, kana fita daga shafin hoto zai dawo. Kar ka ɓata lokaci wajen neman saitin da zai gyara, babu shi a Developer options. Kafin ka fara ɗauka kuma ka kunna Do not disturb, domin duk saƙon da ya faɗo daga sama, har lambar sirrin da banki ke turowa, zai shiga bidiyon.

Na dawo kan tsoron da ka ambata, domin yana da gurbi, sai dai ba inda kake zato ba. USB debugging ba rutin waya bane, wato samun cikakken iko a kan tsarinta, baya buɗe bayanan sirri da kowace manhaja ke ajiyewa a nata ɓangaren. Amma kwamfutar da ka ba izini zata iya kwashe duk hotuna da bidiyo da fayilolin da ke ma'ajiyar wayar, ta saka manhaja, ta cire, ta kalli fuskar wayar, in ka kunna na biyun nan na Xiaomi har ta danna abubuwa a madadinka. Don haka duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙo yace ka kunna wannan ko Wireless debugging don ya gyara maka wani abu daga nesa, ko wata manhaja da baka sani ba ta nemi ka rubuta mata lambar haɗi mai lamba 6 da Wireless debugging ke nunawa, kar ka yarda. In ka jona waya a wajen cajin da ba naka ba kaga Allow USB debugging? ya fito, abin da ke ɗaya ƙarshen ba caja bace kawai, danna Cancel ka zare.

A cikin Developer options ɗin kuma abin da zan ce ka nisanta shine OEM unlocking da Mi Unlock status, waɗannan na buɗe butloda ne, wato shirin da ke tayar da Android in an kunna waya, ba ruwansu da aikinka, kuma buɗe butloda yana goge wayar kaf. Haka Don't keep activities da Background process limit da Smallest width, su basa goge komai amma zasu sa waya ta riƙa rufe manhajoji ko rubutu ya rikice ka rasa dalili. In ka taɓa wani abu ka manta menene, kashe babban maɓallin da ke can saman shafin yana mayar da yawancinsu yadda suke.

In ka gama aikin ranar ka kashe USB debugging da Install via USB, manhajar da ka saka tana nan ba inda zata je. Wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa in sun ga Developer options a kunne ko da debugging a kashe yake, in ka haɗu da irinsu sai ka kashe babban maɓallin na sama, ranar da kake buƙata ka sake kunnawa, in ma ta ɓace daga Additional settings dannawa 7 ɗin nan ce zata dawo da ita. In kwamfutar zata bar hannunka, sayarwa ko kyauta ko gyara, ka danna Revoke USB debugging authorizations a wayar domin fayil ɗin adbkey na cikinta har yanzu. In ka gwada duk wannan ya ƙi, ka turo min abin da adb devices ya rubuta harafi da harafi, da abin da labulen sanarwar wayar ke nunawa lokacin da take jone, da ko akwai alamar gargaɗi a Device Manager.